ƘASA, SHUKA DA DABBA: DARASIN AIKIN GONA A FILAYEN BAKOLORI

A kowane zangon karatu malaman kimiyyar aikin gona na makarantun sakandare sukan raba wa ɗalibai takardar gwaji mai kashi uku. Kashi na farko yakan nemi ɗalibi ya lissafa ire-iren ƙasa, na biyu ya zana jadawalin sauya shuka, na uku kuma ya ambaci cututtukan dabbobi tare da alamominsu. Galibin ɗalibai haddace amsoshin suke yi kamar yadda aka jera su a littafi, su rubuta, su ci maki, ba tare da sun lura cewa tambayoyin nan uku a haɗe suke ba. To, ga ɗalibin da ya tashi a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, babu inda wannan haɗuwa ta fi bayyana kamar filayen noman rani na madatsar ruwa ta Bakolori, waɗanda yake ratsawa kullum a kan hanyarsa ta zuwa makaranta. A can, yadda ƙasa take riƙe ruwa shi ne yake nuna abin da za a shuka, shi ne kuma yake nuna irin cutar da za ta sami dabbar da ta yi kiwo a wurin.

An fara gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, aka gama a 1978, kuma kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. An shirya ta ne don ta tara ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ta shayar da gonaki hekta 23,000 a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Abin lura ga ɗalibi shi ne, ba hanya ɗaya aka shirya ta shayar da waɗannan gonaki ba. Kimanin hekta 8,000 ne kawai aka tsara ruwa zai riƙa gangara musu ta magudanai, sauran hekta 15,000 kuwa sai aka kafa musu bututu masu fesa ruwa kamar yayyafi. Babban dalilin wannan rabo yana cikin kashi na farko na takardar gwajin, watau bambancin ƙasa.

YADDA AKE GANE ƘASA

Littafi yakan ce ƙasa iri uku ce: rairayi, da laka, da turɓaya wadda take tsakaninsu. Manomin yankin kuwa ya fi haka rarrabewa. Ya san jigawa, watau tudu mai rairayi inda gero da gyaɗa suke yi. Ya san fadama mai baƙar laka inda ake shinkafa da rake, ya san jangargari, ya kuma san faƙo, wurin da ƙasa ta daskare har ciyawa ba ta fitowa. Sunayen littafi da na manomi duka a kan abu ɗaya suke magana, watau girman ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ƙasar. Ƙwayar rairayi tana iya kai milimita 2, ido yana ganinta, yatsa yana jin kaushinta. Ƙwayar laka ba ta kai milimita 0.002 ba, saboda haka ba a ganinta sai da madubin likita. A tsakaninsu akwai wata mai laushi kamar gari, wadda ruwan gulbi yake kwantarwa a bakin gaɓa bayan ambaliya.

Akwai gwaji mai sauƙi da ɗalibi zai iya yi da kwalba guda. Sai ya haƙa ƙasa daga sama zuwa zurfin taƙi ɗaya a wurare huɗu ko biyar na gonar, ya gauraya, ya shanya, ya murmushe, ya tsince tsakuwa da saiwoyi. Daga nan ya zuba ƙasar a kwalba mai miƙaƙƙen jiki har ta kai sulusinta, ya ƙara ruwa kusan cika, ya sa ɗan garin sabulu kaɗan domin ƙwayoyin su rabu da juna. Ya girgiza sosai na minti biyar, sa'an nan ya ajiye. Cikin minti ɗaya ko biyu rairayi zai kwanta a ƙasa, sai ya sa alama a jikin kwalbar. Bayan awa biyu garin ƙasa zai kwanta a bisa rairayin, ya sake sa alama. Laka ita ce ta ƙarshe, takan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ruwan ya washe.

Alal misali, a ce duk abin da ya kwanta ya kai santimita 10. Idan rairayi ya ci santimita 7, gari 2, laka 1, to ƙasar tana da kashi 70 cikin ɗari na rairayi, watau turɓaya ce mai rinjayen rairayi, irin ta jigawa. Idan kuwa rairayi 2 ne, gari 3, laka 5, to wannan laka ce sosai, irin ta fadama. Wanda ba shi da kwalba yana iya jiƙa ƙasar a tafin hannu ya murza ta kamar zai yi igiya. Ta jigawa za ta wargaje tun ba ta miƙe ba, ta fadama kuwa za ta miƙe har a lanƙwasa ta a yi zobe ba ta karye ba.

Wannan bambanci shi ne ya raba Bakolori gida biyu. Idan aka saki ruwa a kunya a kan rairayi, kafin ya kai ƙarshen gona ya nutse, na bakin magudana ya sha fiye da kima, na nesa bai samu ba. Ban da haka, rairayi ba ya riƙe fiye da kimanin rabin ruwan da laka take riƙewa, don haka yana bukatar ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, abin da bututun feshi yake yi. Amma bututun feshi yana bukatar injunan tura ruwa da wutar lantarki da kayan gyara, kuma da waɗannan suka gagara sai sashen feshin ya tsaya, gonakinsa da yawa suka koma jiran damina. Shirin gyaran noman rani da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, wanda aka sani da TRIMING, ya sa Bakolori cikin wuraren da zai gyara, har da mayar da wani ɓangare na sashen feshin ya koma shan ruwa ta magudanai.

Wani darasin kuma na ƙasar sama ne. Lokacin da manyan motoci suka baje filayen don ruwa ya gudana daidai, an kankare ƙasar sama a wurare da dama, alhali a cikinta ne taki da ruɓaɓɓen ganye suke. Manoma sun yi shekaru ba su noma gonakinsu ba ana wannan aiki, kuma rikicin diyya da rabon filaye ya kai ga tarzomar Afrilun 1980, inda 'yan sanda suka harbe manoma da yawa. Can ƙasa da madatsar kuma, da ambaliyar shekara-shekara ta ragu, fadamun da suka saba samun ruwa da sabon garin ƙasa sun rage ba da shinkafa, masu su da dama suka koma gero da dawa.

Laka ma tana da tata matsalar. Idan ana ta zuba mata ruwa, magudanan da ke fitar da ragowar ruwan kuma suka toshe da kacalla da taɓo, sai ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hauro kusa da saiwoyi. Rana tana busar da shi, gishirin da ke cikinsa yana zama a sama. Alamar farko ita ce farin ɓawo a kan kunya da rani, da shuka mai ƙonewar bakin ganye ko da ƙasar tana da danshi. Gwajin kwalba ma yana iya nuna wannan: idan aka yi shi ba tare da sabulu ba, ruwan kuma ya ƙi washewa bayan kwanaki, akwai alamar kanwa ta kama lakar. Ƙarin takin zamani ba ya maganin wannan. Abin da ake fara yi shi ne yashe magudanan fitar da ruwa, domin gishirin ya sami hanyar wankewa.

SAUYA SHUKA

A kashi na biyu ɗalibi yakan zana fili mai gida huɗu, ya sa hatsi a ɗaya, wake a ɗaya, rogo a ɗaya, ya bar na huɗu ya huta, sa'an nan ya riƙa juya su shekara-shekara. Wannan zane daidai ne a jarrabawa, amma manomin Bakolori ba shi da filin da zai bari ya huta, ga shi kuma yana da lokacin noma biyu a shekara. Saboda haka abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne dalilan sauyin, don ya iya tsara nasa jadawalin a kan gonar da ke gabansa.

Dalili na farko abincin shuka ne. Masara da dawa da shinkafa da alkama duka suna cin sinadarin naitirojin da yawa, wanda shi ne ake saye a buhun yuriya. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na wannan sinadari, domin kashi 46 cikin ɗari ne nasa. Wake da gyaɗa da waken soya kuwa suna da ƙananan ƙulli a saiwoyinsu, inda wasu ƙwayoyin halitta suke zaune suna kamo sinadarin daga iska. Ɗalibi yana iya tuge wake mai wata ɗaya da rabi, ya tsaga ƙullin da farce. Idan cikinsa ja ne ko ruwan hoda, yana aiki. Idan fari ne ko kore, ba ya ba da kome. Sai dai amfanin yana da iyaka. Mafi yawan sinadarin yana tafiya cikin ƙwaya da harawa, kuma a ƙasar Hausa harawa ba a barinta a gona, ɗaure ta ake yi a kai gida ko kasuwa. Ke nan gonar ba za ta ci moriyar waken sosai ba sai an mayar mata da takin dabbobin da suka ci harawar.

Dalili na biyu shi ne karya zuriyar abokan gaba. A jigawa babbar abokiyar gabar gero da dawa ita ce wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Tsiro ɗaya nata yana zubar da iri dubbai, irin kuma yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma yana jiran saiwar hatsi. Gyaɗa da waken soya da auduga suna yaudarar irin ya tsiro, amma ba ya iya kama saiwarsu, sai ya mutu. Shekara ɗaya ba ta isa ta share gona, ana dai rage yawan irin ne a hankali, kuma dole a riƙa tuge wadda ta fito tun ba ta yi fure ba. Wake ma yana da tasa wuta-wutar dabam, shi ya sa ba a maimaita shi a fili ɗaya shekara da shekaru.

A gonakin lambu kuwa kuskuren da aka fi yi shi ne a cire tumatir a sa tattasai ko attaruhu ko gauta, a ɗauka an sauya shuka. Duk dangi ɗaya ne, cututtukansu kusan ɗaya ne. Tsutsar saiwa, wadda ido ba ya gani, takan sa saiwarsu ta yi kumburi guda-guda, shukar ta riƙa yaushi da tsakar rana ko da an ba ta ruwa, kuma ta fi yaɗuwa a ƙasa mai rairayi. Bambancin wannan kumburi da ƙullin wake shi ne, ƙullin wake a gefen saiwa yake, ana iya ɓalle shi, kumburin tsutsa kuwa jikin saiwar ne da kansa.

Idan aka haɗa waɗannan, ga yadda jadawalin hekta ɗaya ta turɓaya mai samun ruwan rani zai iya kasancewa a shekara biyu. A daminar farko a sa masara. Da rani a sa tumatir. A damina ta biyu a sa gyaɗa, a kuma mayar da taki bayan an kwashe harawa. Da rani na biyu a sa alkama, wadda ake shukawa daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba domin ta sami sanyin hunturu. Ta haka tumatir ba ya komawa filin sai bayan shekara biyu. A laka inda shinkafa ta fi riba, manomi yakan so ya yi ta damina da rani ba hutu. Illar haka ita ce ƙasar ba ta taɓa bushewa, ciyayin ruwa da shinkafar daji suna ƙaruwa, ruwa kuma yana kwance kusan duk shekara. Sa wake mai saurin nuna, na kwana 60 zuwa 70, tsakanin shinkafa da shinkafa yana ba ƙasar damar shan iska.

DAGA RUWAN GONA ZUWA HANTAR DABBA

Wannan kwantaccen ruwa shi ne ya kai mu kashi na uku. Da rani, lokacin da daji ya bushe, babu ɗanyar ciyawa sai a bakin tafkin madatsar da gefen magudanai da gonakin shinkafa da aka girbe, saboda haka nan shanu da tumaki suke taruwa. A irin wannan ruwa mai tafiya a hankali ne wata ƙaramar katantanwa take zama, kuma ita ce take raino tsutsar da ke kawo ciwon hanta.

Tsutsar faffaɗa ce kamar ganye, tana zaune cikin hanyoyin ɗaci na hanta. Ƙwanta yana fita cikin kashin dabba. Idan ya faɗa ruwa sai ya ƙyanƙyashe cikin mako biyu ko uku, abin da ya fito ya shiga jikin katantanwa, ya hayayyafa a ciki na wata ɗaya ko biyu. Daga nan 'ya'yan su fito su manne a jikin ciyawar bakin ruwa. Dabbar da ta ci ciyawar ta ɗauka ke nan. Ƙananan tsutsotsin sukan huda hanji su ratsa naman hanta, kuma sai bayan wata uku zuwa huɗu suke girma su fara ƙwai. Wannan jinkiri ne yake ruɗa mai dabba: saniyar da ta ɗauki cutar a watan Fabrairu ba za ta nuna sosai ba sai wajen faɗuwar damina, lokacin da kowa yake ɗauka yunwar bazara ce ta ramar da ita.

Alamomin su ne rama duk da ana ci, raguwar nono, fari a cikin fatar ido da dasashi, da kumburin ruwa a ƙarƙashin haɓa. Tunkiya kuwa tana iya faɗuwa ta mutu farat ɗaya idan tsutsotsi masu yawa suka ratsa hantarta lokaci guda. Mahauta sun san cutar sarai, domin sukan tarar da hanta ta yi tauri, hanyoyinta sun yi kauri da fari, idan aka tsaga tsutsar ta fito. Tabbaci ga dabba mai rai sai an kai kashinta asibitin dabbobi an duba ƙwan.

Wajen magani ma akwai lissafin da ya dace da takardar gwaji. Maganin tsutsa da aka fi samu a kasuwa shi ne wanda aka rubuta Albendazole a jikin kwalbarsa, kuma don ciwon hanta ana ba saniya miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinta. Saniya mai kilo 250 tana bukatar miligiram 2,500. Idan kwalbar mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari ce, kowane mililita yana da miligiram 100, sai a ba ta mililita 25. Idan kuwa mai kashi 2.5 ce, sai an ba ta mililita 100. Wanda bai duba wannan lamba ba ya ba da mililita 25 daga kwalba ta biyu, to rubu'in magani ya bayar, tsutsar ba ta mutu ba, kuɗinsa ya tafi. Har ila yau wannan magani manyan tsutsotsi kawai yake kashewa, ƙananan da ke ratsa hanta sai Triclabendazole, kuma ba a ba dabbar da ke farkon ciki. Bayan an ba da magani akwai kwanakin da aka rubuta a kwalba waɗanda ba a shan nono ko yanka dabbar. Dabbar da aka warkar kuma aka mayar bakin magudana za ta sake ɗauka, don haka yashe magudanai da barin gona ta bushe tsakanin shuka da shuka suna cikin maganin, haka nan shayar da dabbobi a kwami da ruwan rijiya.

Taruwar garkuna a wurin ruwa ɗaya tana yaɗa wasu cututtukan da ba ruwansu da katantanwa. Ciwon huhu na shanu ta numfashi yake bi, za a ga saniya ta tsaya ta miƙe wuya ta buɗe ƙafafun gaba tana nishi, kuma rigakafinsa allura ce ta shekara-shekara. A awaki da tumaki akwai annobar da likitoci suke kira PPR, mai zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, wadda allura ɗaya take karewa aƙalla shekara uku. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin alluran duka biyu. Satar shanu da rashin tsaro da suka addabi Zamfara tun wajen 2011 sun ƙara matse dabbobi kusa da garuruwa, abin da yake ƙara wannan cuɗanya. Ɗalibi kuma ya lura da tsofaffin littattafan da har yanzu suke jera bushiya cikin cututtukan shanu. Ta yi wa Nijeriya mummunar ɓarna a 1983, amma a 2011 aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

Malamin da yake so takardar gwajinsa ta yi amfani a wannan yanki ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Kwalba biyu, ɗaya da ƙasar jigawa ɗaya da ta fadama, da tushen wake guda, da ziyarar safiya ɗaya zuwa mahauta tare da jami'in duba nama, sun isa su amsa kashi ukun. Ma'aikacin gona ko na lafiyar dabbobi da aka tura Bakura ko Maradun shi ma zai rage wa kansa wahala idan, kafin ya ba da shawarar taki ko magani, ya fara tambayar irin ƙasar gonar, da abin da aka shuka a cikinta bara, da inda dabbar take shan ruwa da rani.